Kiɗan fargaba a gajeren fim: me ya sa ya ɓace a salula?

Tambaya: Malam, ina haɗa kiɗan wani gajeren fim a nan Tahoua. Akwai wurin da yarinya ta ɓuya bayan ƙofa, mutum yana tahowa ta zaure, daƙiƙa 50 ne. Na sa akor ɗin Re minar da nap mai kauri, wato dogon sauti mai shimfiɗuwa a bayan kiɗa, na ƙara bas. A kas ɗina, wato abin sauraro na kunne, yana firgitarwa, amma da darakta ya buɗe a salularsa sai ya ce bai ji komai ba sai gunji, maganar ma ta shige. Mako mai zuwa za a nuna fim ɗin, hankalina ya tashi.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, aikin yini ɗaya ne. Fara da cire Fa daga akor ɗin nan. Re, Fa, La cikakken minar ne, kunne yana jin sa a matsayin baƙin ciki wanda ya riga ya zauna, alhali kai kana son mai kallo ya kasa sanin inda za a faɗa. Bar Re da La kawai, babu sautin tsakiya da zai ce farin ciki ne ko baƙin ciki.

Ga yadda zan shimfiɗa daƙiƙa 50 ɗin. Biyolonsel ya riƙe Re na ƙasa, D2, wanda yake kan 73 Hz, kada ya motsa har ƙarshe. Idan FL Studio kake amfani da shi, za ka gan shi a matsayin D3, domin lissafinsu ya ɗara wanda nake amfani da shi a nan da oktab ɗaya. Nap ya riƙe La a kan 220 Hz, ka ba attack ɗinsa daƙiƙa 3 ko 4 don kada a ji shigowarsa. Wajen daƙiƙa 15, lokacin da aka fara jin takun mutumin, shigo da Mi bemol a sama, kan 311 Hz, a hankali. Shi da Re ba sa jituwa, kuma rashin jituwar nan ita ce fargabar. Idan kana da mai goge a kusa, ba shi sautin nan ya ja. Ƙaiƙayin tsirkiyarsa ya fi na kowane sinte tayar da tsigar jiki. A daƙiƙa 30 sai La ya zame rabin taki zuwa La bemol, kana buɗe low-pass na nap, wato matatar da ke tare sautukan sama, daga 300 Hz zuwa wajen 1500 Hz. Kafin ƙofa ta buɗe, yanke komai daƙiƙa ɗaya ko biyu, a bar numfashin yarinyar.

Yanzu ga abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum matasa suna kawo mini aiki a Yamai da wannan cuta, wai yawan bas shi ne yawan tsoro. Masu koyarwar bogi a bidiyo ne suka cusa muku ita: ka danna akor mai sauti huɗu a can ƙasan piyano, ka ɗora 808, shi ke nan ka zama gwani. Ƙarya ce! Re na 73 Hz da Mi bemol na 78 Hz idan suka haɗu a ƙasa, kunne ba ya raba su, abin da zai ji shi ne rawar sauti sau huɗu zuwa biyar a daƙiƙa, kamar injin janareto. Shi ya sa na ɗaga maka Mi bemol oktab biyu zuwa sama. A ƙasa sauti ɗaya tak ake bari.

Sannan su wa za su kalli fim ɗinka? Mutanen da za a tura wa ta WhatsApp. Lasifikar salula ƴar mitsitsiya ce, abin da ya yi ƙasa da wajen 200 Hz kusan ba ta fitar da shi. Ka cika mita da sautin 40 Hz da ba wanda zai ji, limiter ya danne sauran komai saboda shi, har muryar ɗan wasa, wadda a wajen namiji tushenta yake tsakanin 85 da 180 Hz. Kai ka kwana kana aiki, marubuci ya sha wahalar tsara magana, ƴan wasa sun sha rana, sai bas ɗin banza ya haɗiye duka. Ranar nuni kuma, idan aka haɗa da manyan lasifikoki a fili, wannan ɓoyayyen sautin zai fito da ƙarfin da ba ka taɓa auna shi ba, yana iya yaga lasifikar haya, kai za a bi bashi.

Sa high-pass a 40 Hz a kan dukan kiɗan don ya yanke abin da ke ƙasa da haka, ka ɗan ƙara saturation a kan biyolonsel. Hakan zai ƙarfafa sautukan da ke hawa kan Re, wato 147, 220 da 294 Hz, kuma daga waɗannan kunne da kansa yake cike na ƙasan ko da salula ba ta fitar da shi ba. Duk inda ake magana, sauke nap da 4 zuwa 6 dB. Ka fitar da gwaji, ka tura wa kanka ta WhatsApp, ka saurara a salula mafi arha da ke gidanku, fanka tana juyawa. Idan ka ji Mi bemol yana shigowa kuma kowace kalma ta fita, kai wa darakta.