Layukan bugu sun ƙi ɓacewa bayan fenti

"Salamu alaikum ƴan uwa. Na buga mutum-mutumin ɗan kokawa a injin bugu na 3D da robar PLA, tsayinsa santimita 15, kaurin layi milimita 0,2. Na goge shi da samfefa har hannuna ya gaji, na fesa fenti, sai layukan suka ƙara fitowa raɗau. Ina kuskurena? Daga Tawa nake."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Fenti ba ya rufe layi, tona shi yake yi, musamman mai sheƙi. Kowane layi tudu ne da kwari. Kai ka tsaya kan rage tudun, alhali cike kwarin ya fi sauƙi.

PLA na fara laushi wajen digiri 60, zafin guga kaɗai na iya kai shi can. In ka ga samfefa ta toshe, robar tana murɗewa kamar cingam, to ka ƙona wurin. Ni da ruwa nake yi: samfefa lamba 120 a wuraren da aka ɓalle madogaran da suka tallafe shi lokacin bugu kawai, sannan 220 a jiki duka, ina tsomawa a kwano. Minti ashirin sun isa. Kada ka goge fuskar mutum-mutumin ko yatsunsa da 120, hanci zai tafi.

Ramuka da tsagar da ka haɗa hannu da kafaɗa, mastik ɗin masu gyaran jikin mota ke cike su. Nan Yamai a Katako nake saya. Kwaɓa kaɗan, kamar ƙwayar gujiya, da ɗigon maganin daskarewarsa, don cikin zafinmu kafin minti biyar ya sandare a hannunka. Bayan rabin awa sai ka goge. Sa ƙyallen rufe hanci, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

Sai babban aikin, wato fentin shimfiɗa mai toka-toka, mai kauri, na gwangwanin feshi. Fesa siriri sau biyu daga nisan taƙi ɗaya, bari ya kwana, ka goge da 400 da ruwa har robar ta fara leƙowa a kan tudu, tokar ta zauna cikin kwari. Haska masa fitilar waya daga gefe cikin duhu. Duk inda ka ga inuwa, da saura. A 0,2 sai na maimaita sau biyu ko uku. A na ƙarshe ka shafa 600 a hankali, kada roba ta fito, ka wanke da sabulu, ya bushe sarai kafin launi.

Lokacin feshi ma da magana. Na taɓa fesa wani raƙumi da na buga, da azahar a watan Afrilu, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin ya koma kamar yashi, sai da na sake guga tun daga 400. Yanzu bayan asuba nake yi. Da hunturu kuma nakan yayyafa ruwa a ƙasa, in na gama fesawa in kifa kwali a kai. Kada ka shanya shi a rana, ƙafafun za su lanƙwashe.