Fitilu 47 sun ƙi riƙe caji: gyaran takardar koke kafin a tura wa kamfani

Salamu alaikum Malam. Ina zaune a waje ina ɗan taɓa kasuwanci, na yi odar fitilun sola guda 300 daga wani kamfani a wata ƙasa, katan 15, kowanne guda 20, kuma rabin jarin na yayana ne da ke gida. Kaya sun iso 3 ga Maris, na buɗe katan 6 na samu guda 47 ba sa riƙe caji, minti 20 sun mutu, alhali takardarsu ta ce awa 8. Ga abin da na rubuta zan tura musu, dan Allah a duba min: "Kayan da kuka turo rabinsu duk ɓatattu ne, kun cuce ni kun zubar min da mutunci wajen kwastomomi. Ku yi wani abu da gaggawa ko in ɗauki mataki."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, na san zafin abin, balle ga dukiyar yaya a ciki. Amma dan Allah kar ka tura wannan takardar yadda take. Ka ɗan yi tunanin wanda zai buɗe ta a can, mai yiwuwa wani ma'aikaci ne da bai taɓa jin sunanka ba, gabansa saƙonni ne tuli, shi kuma sai ya kai wa oga kafin a saki ko fitila ɗaya. Idan ya karanta taka me zai je ya ce wa ogan? Bai san wace oda ba ce, bai san guda nawa ba, bai san me kake so ba, bai san yaushe kake so ba. Abin da zai yi mai sauƙi ne, ya rubuto maka "muna ba da haƙuri, turo ƙarin bayani", sati guda ya tafi a haka.

Kalmar da ta fi damuna ita ce "rabinsu". Kai da bakinka katan 6 ka buɗe, fitila 120 ke nan, 47 suka lalace a ciki, sauran 180 ba ka ma taɓa su ba. 47 ko a cikin 120 ɗin bai kai rabi ba, balle a cikin 300. Ranar da suka ce turo hujja ka turo ta guda 47 bayan ka ce rabi, shikenan ka ba su sandar da za su doke ka da ita, duk abin da ka faɗa daga nan za su ce kana ƙarin gishiri. Ka faɗi lissafin yadda yake, ai shi ma ya isa ya tayar musu da hankali, kusan huɗu cikin kowace goma da ka gwada fa.

Sannan "ɓatattu" ba bayani ba ne. Ɓatacce zai iya zama fasasshe, zai iya zama wanda ruwa ya shiga, zai iya zama wanda bai kunnu ba kwata-kwata, kuma kowanne akwai mai laifinsa daban. Abin da za ka yi kafin ka sake rubuta ko harafi: ka ɗauki fitilun ka yi musu caji daidai yadda takardar cikin kwali ta ce, iya awannin da ta ce, don abu na farko da za su jefo maka shi ne ba ka cika cajin ba. Sai ka kunna su ka ajiye agogo a gefe ka ɗauki bidiyo, a ga lokacin da aka kunna a ga lokacin da ta mutu. Ka manna wa kowace ɓatacciya ɗan tef ka rubuta lamba 1 zuwa 47 da katan ɗin da ta fito, sannan ka juya gindinta ko gefen kwalin ka nemi lambar rukunin da aka ƙera ta a ciki. Wannan lambar tana da muhimmanci sosai, domin idan ka tarar 47 ɗin duk lamba ɗaya gare su, masu kyau kuma wata lambar daban, to ka kama bakin zaren, matsalar daga masana'anta take, kuma su ma suna iya duba littafinsu su gani. Ka kuma ɗauki hoton katan ɗin ta waje. Idan lafiya lau suke babu lotsewa babu alamar jiƙa ka faɗa a takardar, don ka toshe ƙofar "laifin masu jigila ne" tun kafin su buɗe ta. In kuwa akwai lotsewa to akwai koke na biyu da za ka kai wa masu jigilar, kuma nasu wa'adin gajere ne ƙwarai, kayan da suka zo ta jirgin sama a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal kwana 14 ne daga ranar karɓa, a rubuce.

Maganar lokaci ba a kan masu jigila kaɗai take ba. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, CISG, wadda aka ƙulla a Vienna a 1980. Tana aiki tsakanin 'yan kasuwa biyu da ke ƙasashe daban-daban idan ƙasashen sun shiga cikinta kuma kwantiragi bai cire ta ba, ba kowace ƙasa ce ta shiga ba, sai ka duba taka da tasu. Sashe na 38 ya ce mai saye ya duba kaya cikin ɗan lokacin da zai yiwu, sashe na 39 ya ce ya sanar da mai sayarwa cikin lokacin da ya dace kuma ya fayyace irin aibin, in ba haka ba ya rasa haƙƙinsa na kafa hujja da aibin. Ka lura da "ya fayyace". Takarda irin taka mai cewa kaya ba kyau kawai, ana iya cewa ba ta cika sanarwa ba. Ko da wannan yarjejeniyar ba ta hau kanku ba, ka ɗauko inbois da sharuɗɗan da suka turo maka ka karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa da ba mai karantawa, sau da yawa a nan ake sa kwanakin da aka yarda a kawo koke. Shi ya sa ban ce ka jira sai ka gama gwada 180 ɗin ba. Ka tura na 47 yanzu, ka rubuta cewa sauran kana kan gwaji kuma za ka turo sakamako ranar kaza.

Toh sai "ku yi wani abu". Idan ka bar musu zaɓi, abin da ya fi musu araha za su zaɓa, galibi ragi a odar gaba, wato sai ka sake zuba musu kuɗi kafin ka ga diyyarka. Kai za ka yanke tun yanzu, canji kake so ko kuɗi, ka faɗi ɗaya a matsayin buƙata, ɗayan ya zama abin da za a koma idan na farko ya gagara. Ni a ganina tunda kana da masu saye canji ya fi, amma ka faɗi wa zai biya jigilar sababbin, su ne, ka rubuta shi ƙarara. Akwai kuma wani tarko a nan, za su iya cewa dawo da ɓatattun tukuna. Irin waɗannan fitilu yawanci batirin litiyam ne a cikinsu, kuma batirin litiyam da aka san yana da lahanin da zai iya jawo zafi ko wuta ba a yarda a ɗora shi a jirgin sama ba, ko masu ɗauka ta wata hanyar sai da shiri na musamman, kuɗin zai iya cinye darajar kayan. Don haka ka riga su, ka ce kayan suna ajiye a wurinka, su turo wanda zai duba ko su ɗauke su da kuɗinsu. Kar ka sayar da ko ɗaya cikin 47 ɗin ko da a karye farashi, kar kuma ka buɗe cikinsu ka ce za ka gyara, garanti zai tashi.

"Da gaggawa" kuma ba rana ba ce, gaggawarka daban tasu daban. Rana biyu za ka sa, ta amsa da ta aiki, kuma ka rubuta sunan wata da haruffa, domin 04/05 wani zai karanta 4 ga Mayu wani 5 ga Afrilu. Ranar aikin ta zama wadda mutum zai iya cikawa, in ka ce su kawo kaya daga wata ƙasa cikin kwana uku kai ma ka san wasa ne, kuma wa'adin da ba zai yiwu ba ba ya ɗaure kowa. Idan ta wani dandalin ciniki ka saya ko da kati ka biya, ka duba ranar da ƙofar kai ƙara take rufewa a can, ka sa wa'adinka ya ƙare kafin ita da 'yan kwanaki, na ga mutane da yawa da aka yi ta lallaɓa su da "muna dubawa" har ƙofar ta rufe. Shi kuma "in ɗauki mataki", wane mataki? Ka ambaci wanda da gaske za ka ɗauka, in ba za ka je kotu ba kar ka ambaci kotu. "Kun cuce ni" kuma ka cire shi gaba ɗaya, zargin ha'inci ne, ba ka da hujjar da gangan suka yi, kuma yana sa su daina neman mafita su koma kare kansu.

Ga yadda zan so ta kasance, ka cike guraben ka juya ta zuwa harshen da kuka yi cinikin da shi:

"Game da oda mai lamba kaza, inbois mai lamba kaza, fitilun sola 300 da na karɓa 3 ga Maris. Na gwada guda 120 daga katan 6. Guda 47 suna mutuwa cikin kimanin minti 20 bayan cikakken caji, alhali bayanin kayan ya ce awa 8. Lambar rukuninsu kaza ce, katan ɗin sun iso babu lahani a waje. Na haɗo hotuna, bidiyo da jerin lambobin. Sauran 180 ina kan gwaji, zan turo sakamako 17 ga Maris, kuma wannan koken zai haɗa da duk wanda aka samu da aibin a cikinsu. Ina buƙatar ku canza min guda 47 da kuɗin jigilarku. Ku tabbatar min a rubuce zuwa 19 ga Maris, ku turo lambar bibiyar kaya zuwa 9 ga Afrilu. Idan hakan bai samu ba ina buƙatar kuɗin guda 47 a farashin inbois, kuma zan shigar da ƙara a inda na biya. Ɓatattun suna ajiye don dubawarku."

In katan ɗin sun lotse ko lambobin rukunin sun bambanta sai ka gyara wannan layin, kar ka rubuta abin da ba ka gani da idonka ba. Ka tura ta imel zuwa adireshin da ke kan inbois, ba ga yaron da kuke hira da shi a WhatsApp kaɗai ba, shi sai ka tura masa kwafi, in sun kira ka a waya kun yi magana ka bi bayanta da gajeren imel mai cewa ga abin da muka tsayar yau. Yaya ma ka tura masa kwafin takardar da hotunan yau ɗin nan, ya ji daga bakinka da lissafi a gabansa, kuma ya san 19 ga Maris ce ranar da zai tambaye ka me suka ce.