Yi mata bayani da Hausa, ka bar mata kalmomin fannin yadda suke

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ƙanwata tana shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya, kuma Turancinta bai yi ƙarfi ba. Malamansu silaid kawai suke turo musu a waya, ita kuma sai ta haddace ba tare da ta gane ba. Ni kimiyya na karanta, ina so in riƙa zama da ita da daddare. In fassara mata komai da Hausa ne, ko yaya zan yi? Yanzu haka a kan osmosis suke."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Na daɗe ina koyar da 'yan ajin farko a wata makarantar kiwon lafiya, kuma yawancin ɗalibaina irin ƙanwarka ne, don haka bari in faɗa maka abin da na ga yana aiki.

Kada ka fassara komai. Jarabawar makaranta da Turanci za ta rubuta ta, haka ma ta Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma gobe idan ta shiga ɗakin marasa lafiya, abin da ke rubuce a jikin ledar ƙarin ruwa da katin majinyaci da Turanci yake. Idan ka ƙirƙiro mata sunan Hausa ga kowace kalma, za ta gane a gabanka, amma ran jarabawa ta ga kalmar asali kamar ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Kalmar fanni ka bar ta da rubutunta da lafazinta. Abin da za ka mayar Hausa shi ne duk abin da ke kewaye da ita, kuma a nan ne yawancin matsalar take, ko da yake mutane ba sa tsammani.

Tunda a kan osmosis suke, ga irin silaid ɗin da nake kyautata zaton an turo musu, don kusan haka ake rubuta shi a ko'ina:

Osmosis: net movement of water across a selectively permeable membrane
Low solute conc. → high solute conc.
Hypotonic / hypertonic (relative to plasma) → haemolysis / crenation respectively

Kafin ka ce komai, miƙa mata biro ka ce ta kwafe shi a takarda, ta ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ta sani ba. Za ka ga ta ja wa manyan kalmomin layi, ta tsallake net da relative to da respectively, saboda a ganinta waɗannan Turanci ne na yau da kullum. To tambaye ta ma'anar respectively. A cikin ɗalibaina, kaɗan ne ke iya faɗa a farkon zango. Alhali ita kaɗai ce ke nuna cewa na farko a jerin hagu yana tafiya da na farko a jerin dama, na biyu da na biyu. Wadda ba ta san wannan ba, ko ta haddace layin tsaf, ba ta san wane ruwa ne ke fasa ƙwayar jini ba, wane ne ke sa ta motse. Irin waɗannan ƙananan kalmomi ka fassara su kai tsaye, ta buɗe musu shafi a bayan littafinta, domin za su yi ta dawowa a kowane kwas.

Sannan ka tuna silaid ba cikakken zance ba ne. Malami ya rubuta shi ne don ya tuna wa kansa abin da zai faɗa a aji, shi ya sa babu aikatau, sai kibiya da gajerce-gajerce. Dubi layi na biyu: bai faɗi abin da ke tafiya ba. Ɗalibar da ta karanta shi ita kaɗai sai ta ɗauka gishirin ne ke tashi daga inda yake kaɗan zuwa inda yake da yawa, tunda shi aka ambata. Aikinka na farko shi ne ka mayar da layin cikakkiyar jimla. Ni ga yadda nake faɗa: "Ruwa ne ke tafiya, ba gishiri ba. Yana ratsa membrane, wato tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, daga ɓangaren da solute ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da solute ya fi yawa. Solute kuwa shi ne abin da aka narkar a cikin ruwan, gishiri ne ko sukari." Ka lura na faɗi kalmar fannin, na bi ta da bayani sau ɗaya, daga nan na ci gaba da amfani da ita a cikin Hausata. Kada ka koma cewa tantani bayan an wuce wurin. Kunnenta ya saba da jin ainihin kalmar a tsakiyar zancen da ta fahimta, wannan shi ne ke ɗaure kalma da ma'anarta.

Inda nake so ka fi taka-tsantsan shi ne conc., wato concentration. Bakin mutum yana saurin cewa kauri, kuma wannan yana ɓatar da ɗalibai, domin ruwan gishiri ba ya kauri yadda koko ke yi. Wasu kuma su ce yawa kawai, shi ma bai cika ba. Ɗauko kofi da bokiti, ka zuba cokali ɗaya na gishiri a kowanne, ka cika su da ruwa. Gishirin daidai yake, amma ta ɗanɗana ta ji na kofi ya fi. Abin da ake nufi ke nan: yawan abin da ya narke a cikin ma'auni ɗaya na ruwa. Daga nan sai ka kai ta kan abin da za ta riƙe da hannunta a asibiti. Ledar da aka rubuta wa Sodium Chloride 0.9% tana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita, wato giram 0.9 a mililita 100. Wannan ƙarfin ya yi kusan daidai da na ruwan jini, shi ya sa ake kiransa isotonic, kuma jan ƙwayar jini tana zama a cikinsa ba ta kumbura ba, ba ta motse ba.

Nan ne net ke shigowa. Ko a cikin wannan ruwan, ruwa yana shiga ƙwayar yana fita ba tsayawa, sai dai mai shiga da mai fita sun yi kunnen doki. Net yana nufin abin da ya rage bayan ka cire mai fita daga mai shiga. Idan ba ta riƙe wannan ba, za ta rubuta cewa babu motsin ruwa sam a isotonic, kuma malami mai duba da kyau zai rage mata maki.

Game da selectively permeable, za ka iya kawo misalin rariya: tana barin gari ya wuce, ta riƙe tsaki. Amma ka faɗa mata a take inda misalin ya tsaya. A rariya hannu ne ke girgizawa, nauyi ke kai gari ƙasa, a nan kuwa babu mai girgizawa, bambancin solute tsakanin ɓangarorin biyu ne ke sa ruwa ya rinjaya gefe ɗaya. Misalin da ba a nuna iyakarsa ba, shi ɗaliba ke ɗauka ta kai jarabawa a matsayin ilmin kansa.

Idan kuna da dankalin Turawa a gida, ku yi wannan a daren farko. Fere guda ɗaya, yanka sala biyu masu tsawo ɗaya, kamar santimita 5, ka jefa ɗaya a kofin ruwa zalla, ɗayan a kofin da ka narkar da cokali biyu na gishiri. Ku ci gaba da karatu. Bayan kamar awa ɗaya ta ciro su ta lanƙwasa. Na ruwan gishiri zai yi laushi ya lanƙwashe a yatsunta, na ruwa zalla ya yi tauri, in ta matsa masa ya karye. Kada ka yi bayani. Ka tambaye ta ina ruwa ya tafi a kowanne, kuma wane kofi ne hypertonic. Sai ka ƙara mata abu ɗaya: ƙwayoyin dankali suna da bango mai tauri a waje, don haka suna cika su yi tauri amma ba sa fashewa. Jan ƙwayar jini ba ta da wannan bango. A ruwa zalla takan sha ruwa ta kumbura har ta fashe, shi ne haemolysis, a ruwan gishiri mai ƙarfi kamar kashi 3 cikin 100 kuma ruwanta ya fita ta motse, gefenta ya yi ƙaya-ƙaya, shi ne crenation. Dalilin ke nan da ba a ɗaura wa majinyaci ruwa zalla ta jijiya, kuma da zarar ɗaliba ta ji haka sai ka ga ta gyara zama, don ta gane abin ya shafi rai.

Hypo da hyper kuwa, a bakinmu sautinsu yana kusa ƙwarai, har a kunne sukan zama ɗaya. Ta rubuta su da hannunta duk lokacin da ta faɗa, ta kuma haɗa su da waɗanda za ta riƙa ji kullum: hypertension hawan jini, hypotension faɗuwarsa. Hyper sama, hypo ƙasa. Relative to plasma kuma yana gaya mata abin da ake gwadawa da shi, sama da ruwan jini ko ƙasa da shi.

Kada ka tambaye ta "kin gane?" Kai yayanta ne, kunya da ganin girmanka za su sa ta ce e ko da ba ta gane ba. Ba ta tambayar da babu amsarta a silaid. Misali, ledar 0.45% idan aka gwada da ruwan jini, wace iri ce, kuma ina ruwa zai nufa? Idan ta ce gishirinta rabin na 0.9% ne, don haka hypotonic ce, ruwa zai shiga cikin ƙwaya, to ta kama. Idan ta fara maimaita layin farko na silaid kalma bayan kalma, ko ta tsaya cak da zarar ka katse ta a tsakiya, har yanzu hadda ce, ku koma kan kofi da bokiti. Bar ta ta fara amsawa da Hausa tana sa kalmomin fannin a ciki. Bayan ta yi daidai, ta rufe wayar ta rubuta amsar a jimla biyu ko uku na Turanci mai sauƙi. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa saboda dare ya yi, kuma shi ne ainihin abin da za a nema a wurinta. Idan kana dubawa, kuskuren nahawu ka kau da kai a yanzu, amma rubutun kalmar fanni da alƙiblar ruwa kada ka sassauta ko kaɗan.

Silaid uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya, ko da an turo musu hamsin. Wanda ya ɗauko ma'anar babi shi ke cin lokaci, sauran sukan zo da sauƙi bayansa. Kuma tunda kai ka yi nisa a kimiyya, za ka ji kana so ka kawo mata abin da ka sani duka, kamar batun Dextrose 5%, wanda a cikin leda kusan isotonic ne amma bayan jiki ya ƙone sukarin sai ya zama kamar an ba da ruwa zalla. Gaskiya ne, kuma za ta buƙace shi, amma ka ajiye shi sai ta iya tambayar 0.45% ba tare da ta duba takarda ba. Allah ya ba ta nasara.