Hoton tike ba shaida ba ne: yadda za ka gwada mai sayar da hasashen wasa

Tambaya: “Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni a Tawa nake. Akwai wani a Telegram da ke saka hotunan tiken da ya ci kullum, jiya ma ya nuna ya ci sefa 450.000. Ya ce in tura jika 10 ta waya ya saka ni a rukuninsa na VIP wata ɗaya. Ta yaya zan gane ko gaskiya ne?”

Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe jikarka 10 tukuna. Na daɗe ina aikin gyaran waya da buga takardu a Yamai, kuma samari sun sha kawo mini irin waɗannan hotuna in duba musu. Maganar hukuncin caca a addini ka san ta, na san ta, ba ita ka tambaya ba, don haka zan tsaya a kan abin da ka tambaya.

Fara da hoton kansa. Shafin kamfanin pari, wato cacar wasanni, idan an buɗe shi a kwamfuta, rubutu ne kawai da burawuza ke nunawa. Mutum ya danna F12, ko ya danna dama ya zaɓi “Inspecter”, sai ya goge “Perdu” ya rubuta “Gagné”, ya goge 500 ya rubuta 50.000, ya ɗauki hoto. Babu abin da ya canja a wurin kamfanin, a fuskar na'urarsa kaɗai abin ya canja, amma hoton zai fito tsaf, da launi da irin rubutun kamfanin, domin shafin na gaske ne. Shi ya sa neman tabon gyara a jikin hoto ba ya kai ka ko'ina. Bidiyo ma bai tsira ba, tunda rubutun da aka canja yana nan zaune har sai an sabunta shafin. Yana iya zagaya shafin sama da ƙasa yana ɗauka, kai kana cewa ai wannan ba hoto ba ne.

Inda ragwayensu ke faɗuwa shi ne lissafi. Kwat shi ne lambar da kamfani ke ninka kuɗinka da ita idan ka ci. A tiken da aka haɗa wasanni, ana ninka kwat ɗin kowane wasa da na ɗan'uwansa, sannan a ninka da kuɗin da aka zuba. A ce wasa uku ne, 1,85 da 2,10 da 1,60. Ka ninka su, za ka samu 6,216. Wanda ya zuba jika 50, abin da zai karɓa 310.800 ne. Idan hoton ya ce 450.000, to hannu ya taɓa shi. Wasu kamfanoni suna ƙara garaɓasa a kan tike mai wasanni da yawa, amma suna rubuta ta a layinta daban, sai ka haɗa da ita ka gani. Ka kuma duba lokacin da aka yanki tiken, ka gwada da lokacin da aka take wasan a manhajar sakamakon wasanni irin Flashscore ko Sofascore. Ka lura wayarka tana kan agogon Nijar, domin lokacin zafin Turai Faransa tana gabanmu da awa ɗaya. Tiken da aka rufe lambarsa da ranarsa da ɗan zane, wai don tsaro, ni ba na ma ɓata lokaci a kansa. Haka wanda ke nuna lambar kupon kawai: wannan jerin wasanni ne da aka zaɓa aka ajiye, ba ya nuna an zuba ko dala.

To amma ka ɗauka hoton ya tsallake duk wannan. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin tike na gaske ma yana yin ƙarya. Mutum ya ɗauki wasa ɗaya ya yanki tike goma na ainihin sakamako, 1-0, 2-0, 2-1, 1-1 da sauransu, kowanne da sefa 100. Jika ɗaya ya kashe. Sau da yawa ɗaya daga ciki zai faɗa daidai. Bayan an tashi wasa sai ya nuna maka wannan ɗayan, tara kuma ba za ka taɓa ganinsu ba. Ko a kiyos ka kai tiken za a ce maka na gaske ne.

Akwai wadda ta fi wannan mugunta, ita ce ta masu cewa suna da wasan da aka saye, kuma “sai ka ci za ka biya”. Wasan tamaula hanya uku gare shi: mai gida ya ci, a yi kunnen doki, ko baƙo ya ci. Ya tara lambobin mutum 900, ya raba su kashi uku, kowane kashi ya aika masa da hanya ɗaya. Dole mutum 300 su ga ya faɗi daidai. Ya sake raba su a wasa na biyu, 100 su rage. A na uku saura wajen 33, kuma waɗannan sun ga ya faɗi wasa uku a jere da idonsu, tun kafin a buga. Su ne za su biya kuɗi mai tsoka, su ne kuma za su rantse maka a fada cewa mutumin ba ya kuskure. Ba ƙarya suke yi ba, ba su san da sauran 867 ɗin ba ne. Alamar wannan ita ce hasashen yana zuwa maka ta saƙon sirri, kai kaɗai. Ka tambayi wani da ke cikin rukunin abin da aka aika masa a wasa ɗaya da naka. Wanda kuwa da gaske ya san sakamakon wasa, me zai yi da jikarka 10? Yaɗa maganar ma cutarsa take, domin kuɗi na taruwa a gefe ɗaya kamfani zai rage kwat ko ya rufe wasan.

Saboda haka tarihin da za ka yarda da shi ɗaya ne: wanda aka faɗa a fili kafin a take wasa, kuma kai ka rubuta shi da hannunka. Kada ka dogara da komawa baya a tasharsa kana karantawa. A Telegram mai tasha yana iya gyara tsohon saƙo, kuma lokacin farko ne zai ci gaba da nunawa. Sai ya saka “wasan yau” da ƙarfe 3 na rana, a tashi wasa da dare, ya koma ya rubuta sakamakon a ciki. Ƙaramin rubutu “modifié” ko “edited” kusa da lokacin shi ke tona shi. Hasashen da bai ci ba kuma sai ya goge shi gaba ɗaya. Wannan ma yana barin sawu. Ka danna saƙo ka zaɓi “Copier le lien”, za ka ga mahaɗin ya ƙare da lamba, kuma lambobin a jere suke tafiya. Idan na jiya 412 ne, na yau 431, alhali saƙo biyar kake gani a tsakani, ina sauran? Ba kowane giɓi ne laifi ba, domin hotunan da aka tura a dunƙule kowanne yana cin lambarsa. Amma giɓin da kullum yake faɗowa a daren da manyan ƙungiyoyi suka sha kashi, ka san abin da aka share.

Ka samu ɗan littafi. Duk hasashen kyauta da ya saka, ka rubuta rana, wasa, abin da ya zaɓa, da kwat ɗin da kai ka gani a wayarka a lokacin, ba wanda shi ya rubuta ba. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin suna son rubuta 1,90 a inda kai za ka tarar da 1,55. Kada ka zuba kuɗi. A takarda kawai za ka ɗauka kowane wasa jika ɗaya ka sa, ba ƙari ba ragi. Idan ya ce “a ninka kuɗi yau a mayar da hasarar jiya”, kai dai jika ɗaya za ka rubuta, kuma ka sa masa alama, domin mai wannan magana yana lulluɓe faɗuwa ne da aljihun mabiyansa.

Ga yadda lissafin ke fita. A ce a wata ɗaya ya ba da wasa 40, 28 suka ci, 12 suka faɗi. Zai buga ganga ya ce kashi 70 cikin ɗari, kuma bai yi ƙarya ba. Sai ka duba littafinka ka ga yawancinsu irin “Real Madrid za ta ci a gida” ne, kwat ɗinsu a tsakaice 1,35. Kowane wanda ya ci ya dawo maka da 1.350. Ka ninka da 28, ka samu 37.800. Kai kuwa 40.000 ka zuba. Hasarar 2.200 ke nan, tun ba ka sa kuɗin VIP ba. Ka sa jika 10 ɗin, ka tashi da ramin 12.200 a hannun mutumin da ke cin bakwai cikin goma.

Dalili shi ne kowane kwat yana da adadin cin da ake bukata kafin a mayar da uwar kuɗi. Ka raba 100 da kwat ɗin. A 1,35 sai an ci fiye da kashi 74, a 2,00 kashi 50, a 1,20 sai an haura 83. Don haka yawan ci ba tare da kwat ba, ba ya gaya maka komai. Kamar ɗan kasuwa ne da ke ba ka labarin buhun albasa nawa ya sayar a Galmi, ya ƙi faɗin nawa ya saro.

Kuma ko littafin ya nuna riba, kada ka yi saurin yanke hukunci da wasa goma. Wanda ke jefa kwabo yana zaɓa, a wasannin da suke rabi da rabi, yana iya cin bakwai ko fiye cikin goma kusan sau ɗaya a duk gwaji shida. Tashoshin nan kuma ba su ƙirguwa, dole a kowane mako a samu wanda sa'a ta hau kansa. Wasa 40 ya isa ya fallasa maƙaryaci, amma bai isa ya tabbatar da gwani ba. Wannan sai ɗaruruwa. Ni a ganina mai gaskiya a cikinsu za ka gane shi da cewa jajayen ranakunsa suna nan a tashar ba a goge ba, ribar da yake faɗa kuma ƴar kaɗan ce, ba ta sayen mota a wata ba.

Abu na ƙarshe da za ka duba: shin yana matsa maka ka buɗe sabon asusu da lambar garaɓasarsa, wadda suke rubutawa “code promo”? Kamfanonin pari da yawa suna biyan mai kawo musu mutane, kuma a irin wannan yarjejeniya sau da yawa kason nasa daga abin da mutanen suka yi hasara ake cire shi. Ka ga ke nan faɗuwarka ba ta rage shi da komai ba. Idan kuma lambar da ya ce ka tura wa kuɗi sunan wani ne ya fito daban da nasa, ko ya ce ka ba shi lambar sirrin asusunka ya buga maka da kansa, to ba sai ka sayi littafin ba ma. Ka rubuta masa cewa za ka bi hasashensa na kyauta wata ɗaya kafin ka biya. Yawancinsu amsar da za su ba ka ita ce gurbi biyu ya rage kuma yau da dare za a rufe.