Haya, albashi ko kamasho: wanne ya dace da salun mai kujera huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina da salun na mata a Kaduna, kujera huɗu, hayar shago naira 600,000 a shekara, wuta da man janareta da ruwa da sauran tarkace suna cin kamar 100,000 a wata. Aiki ya fi ƙarfina ni kaɗai. Wata mai gyaran gashi ta ce in ba ta hayar kujera a 30,000 duk wata, wata kuma albashin 60,000 take so, ƙawata ta ce kamasho ya fi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ki ba kowa amsa, ki fara sanin abin da kujera ɗaya take ci, ko da mutum a kanta ko babu. Hayarki ta kama 50,000 a wata, ki ɗora 100,000 ɗin nan, ya zama 150,000. Ki raba huɗu, kowace kujera tana cin 37,500 a wata, wajen 1,450 ke nan a rana idan kina buɗewa kwana 26. Da wannan lissafin kaɗai mai tayin 30,000 ta faɗi. Idan kika karɓa, ke za ki riƙa cika mata 7,500 duk wata daga aljihunki, ga na'urar busar da gashinta tana jan man janaretanki. Kuma kin san tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, alhali haya idan an yanke ta an yanke.

To, sai albashi da kamasho, inda aikin yake. Mu ɗauka mai gyaran nan tana shigo da 250,000 a wata mai dama-dama, kayan aiki kuma, su shamfu da man gashi da rilaksa da zare, sun ci 50,000. Saura 200,000. Idan albashi take, ki cire 60,000 nata da 37,500 na kujera, ki tashi da 102,500. Idan kamasho ne na kashi 40 cikin 100, ta ɗauki 80,000, ke ki tsira da 82,500 bayan kuɗin kujera. A nan albashi ya fi miki da 20,000, kuma shi ne abin da yake ruɗin masu shago da yawa.

Sai dai kasuwar salun ba ta tafiya bai ɗaya. Ki tuna farkon azumi, ko lokacin da ake fafutukar kuɗin makaranta, yadda za a wuni ana kallon ƙofa. A irin watan nan a ce 100,000 ta shigo da shi, kaya sun ci 20,000. Da albashi, kin yi asarar 17,500 a kujerar. Da kamasho, ta karɓi 32,000, ke kuma kina da 10,500. Ki juya zuwa watan Sallah ko lokacin da biki ya yi yawa, ta yi aikin rabin miliyan, tana tsaye har sha ɗayan dare ran jajibiri, ƙafa ta kumbura, ƙarshen wata ki miƙa mata 60,000 ɗin da ta saba. Ita ma fa ta iya lissafi. Ba za ta ce miki komai ba, sai dai bayan Sallah ta fara yawan zuwa gaida mara lafiya, ashe gidajen kwastomominki take bi tana yi musu aiki.

Iyakar da za ki riƙe ita ce 150,000 bayan an cire kuɗin kaya, don a nan ne kashi 40 yake daidai da albashin 60,000. Ki buɗe littafin cinikinki na shekarar da ta wuce, ki ƙirga wata nawa kujera ɗaya ta haura wannan. Idan kusan kullum ne, kina iya ɗaukar albashi. Shagon da yanzu yake tasowa kuwa, da wuya.

Ni dai da shagona ne, kamasho zan yi, amma da adadin da ba za ta gaza samu ba. Wato a ce kashi 40 ne, amma duk watan da kasonta bai kai 40,000 ba shago zai cika mata ya kai. Ba haɗa biyun za a yi ba, wanda ya fi yawa take ɗauka. A mummunan watan da muka lissafa, abin da zai rage miki 2,500 ne kacal, amma ba ki shiga aljihu ba, ita kuma ta san ko kasuwa ta mutu kuɗin motarta da na cefane ba su mutu ba. Ta fuskar doka, mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho. Duk da haka adadin yana kunnen kowa, kuma da shi ƙwararriya za ta auna tayinki.

Wurin da aka fi yin faɗa shi ne kan me ake cire kason. Kashi 40 na 250,000 ya kama 100,000, na 200,000 kuma 80,000. Idan ba a faɗa tun ranar farko cewa sai an fitar da kuɗin kaya ba, wannan 20,000 ɗin sai ya raba ku. Hanya mafi sauƙi ita ce ki yanke wa kowane aiki kuɗin kayansa, wankin kai kaza, shafa rilaksa kaza, ki rubuta ki manna a bango, kowa ya gani. Gashin ƙari da kike sayarwa kuwa hajarki ce, ba ya cikin rabo.

Kamasho ma yana da nasa ciwon. Mai shigowa da kayan amarya za ki ga kowa ta miƙe tana mata sannu da zuwa, yarinyar da aka kawo kitson makaranta kuma kowa ta duƙufa kan waya. Sai gaggawa, a ja gashi da ƙarfi don a sallami wannan a kama waccan, kwana biyu uwar yarinya ta dawo tana nuna miki ƙuraje a goshi. Maganinsa layi: sabuwar fuska ta wadda layi ya zo kanta ce, wadda ta ambaci sunan mai yi mata kuwa a ba ta ita. Shara da wankin tawul kuma babu mai kamashon da za ta yi su da daɗin rai, don haka a nan albashi yake da amfani, ki ɗauki yarinya ɗaya mai wankin kai da share-share, tana koyon aiki a hankali.

Kuɗi kuma hannu ɗaya za su bi, asusun shago ko POS ɗin shago, da rasit mai kwafi biyu. Idan kika ga galan ɗin shamfu da yake kai mako uku ya ƙare a biyu alhali kawunan da ke littafi ba su ƙaru ba, ko kwastoma ta ce ai ta tura wa wance, to akwai aikin da ba ya shiga rubutu.

Hayar kujera ba na ƙin ta, amma ga mai sana'ar da ba taki ba kuma ta zo da mutanenta, kamar mai lalle ko mai kwalliya. Ita ba ta cin kasuwarki, amaryar da ta zo mata ma ƙila a wajenki za ta gyara kai. Mai gyaran gashi kuwa, duk matar da ta shigo saboda allon shagonki ta zauna a kujerarta, kin rasa ta, kuma ranar da za ta tashi da su za ta tafi. Idan mai tayin nan ta nace, ki ce mata 50,000, a biya a farkon wata, kayan aiki nata, farashin aiki na bango, ku sa hannu a takarda gaban shaidu biyu cewa za a sake duba kuɗin bayan wata shida.