Hoton tabon fata: yadda launinsa zai fito yadda yake

Maigida, wani kwastoma ya kawo mahaifinsa shago don a ɗauki hoton wani tabo a damtsensa, za su tura wa likita ya gani. Na ɗauka da waya kusan sau 10, amma tabon yana fitowa ja-ja, fatar kuma kamar an barbaɗa mata toka, ga dishi-dishi. Ina kuskuren yake?

Yarona, da farko hasken shagon ne ya ci amanarka. Ƙwan lantarkin da ke saman teburinmu mai ruwan ɗorawa ne, na bakin ƙofa fari ne, ga kuma hasken rana yana shigowa. Waya launin haske ɗaya take iya gyarawa a lokaci guda. In ta gyara na wannan, na wancan sai ya rina fatar, abin da yake ruwan ƙasa ya koma ja. Kashe fitilu duka, ka zaunar da dattijon kusa da taga ko bakin zaure, inda haske yake da yawa amma rana ba ta dukan fatar kai tsaye. Daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe ya fi, don hasken la'asar sakaliya ja ne, balle a hazon hunturun Gombe. Ka kuma duba abin da ke kewaye da shi: koren labule, jan bango ko rumfar shuɗin tampol duk suna zuba launinsu a kan fata, idonka ba zai lura ba amma hoto zai nuna.

Filashi kuwa ka manta da shi. Daga kusa, farin ƙyalli yake bugawa a tsakiyar tabon, daidai wurin da likita yake son gani. Haka man shafawa yake yi, don haka in an shafa basilin a goge a hankali da tsumma mai tsabta, ban da dirzawa, domin dirza tana ƙara wa wurin ja.

Tokar da ka gani aikin wayar ce. Idan baƙar fata ta cika fuskar waya, sai ta ɗauka duhu ne, ta ƙara haske da kanta har fatar ta koɗe. Maganinsa shi ne ka ɗora yatsa a kan lafiyayyar fatar da ke gefen tabon, ka danne har kyamarar ta kulle haske da saitinta a wurin. Wasu wayoyin za su rubuta maka AE/AF LOCK. Sai ka ja alamar ranar nan ƙasa kaɗan-kaɗan, kana duban hannun kana duban waya, har su zo ɗaya. Ka kashe Beauty da duk wani Filter, don aikinsu ke nan shafe tabo.

Ajiye katin nan namu mai ruwan toka a gefen tabon, ya shiga hoton. In babu, yanki 'yar farar takarda kamar faɗin yatsa biyu, kada ta fi haka, don babbar takarda za ta sa waya ta rage haske fatar ta yi duhu. Takardar ce shaidarka. In ta fito fari-fat, launin tabon ma gaskiya ne. In ta fito rawaya-rawaya ko shuɗi-shuɗi, shiga Pro a cikin kyamara ka taɓa WB, wato ma'aunin launin haske, ka kai shi wajen 5500K, ka riƙa matsawa har takardar ta yi fari.

Dishi-dishin, ka kusanto da yawa ne. Yawancin wayoyi ba sa kama abu tsaf in ya gaza santimita 10. Ja baya zuwa santimita 25 ko 30, ka danna 2x, hakan kuma zai hana inuwar wayarka faɗawa kan tabon. Goge gilashin kyamara, a ɗora hannun a kan tebur, kai ma ka kafa gwiwar hannunka. Wayar ta fuskanci fatar sak, don in ka karkata, tabo mai da'ira sai ya fito kamar ƙwai. Sa rula a gefensa domin a san girmansa. Bayan ka ɗauka, buɗe hoton da yatsu biyu: in kana ganin gashi da layukan fata ɗaya-ɗaya, ya yi.

Hoto uku za ka ba su: na damtsen gaba ɗaya don a gane wurin, na kusa tare da rula da kati, sai na gefe-gefe da zai nuna ko tabon ya taso. Kada ka gyara ko ɗaya. A WhatsApp ka tura su ta Document, domin turawar da aka saba tana matse hoto. In aiki ya kammala ka share su daga wayarka a gaban mai su. Kuma in sun tambaye ka mene ne tabon, ka ce musu wannan sai likita, wataƙila ma ya buƙaci ganin dattijon ido da ido.