Jimlolin da suke ta maimaituwa a rahoton wata-wata

"Duk wata sai na fassara rahoto kusan iri ɗaya, ya zan yi in daina maimaita aiki?"

Ɗan'uwa sauke manhajar fassara ta OmegaT, kyauta ce. Tana yanka rubutu jimla-jimla, duk wadda ka fassara sai ta ajiye ta haɗe da Turancinta. In ka gama na wannan watan, kwafi fayil ɗin .tmx da ta fitar, wanda ke ɗauke da fassarorin da ta ajiye, ka jefa a foldar tm ta sabon aikin, jimlar da ta taɓa gani za ta nuno maka fassarar, wadda ta ɗan canza kuma ta ba ka kason kamarta da tsohuwar, misali 85%. To a nan fa ake faɗawa rami, ni na taɓa karɓar irin wannan ban duba ba, ashe "Maris" ya koma "Afrilu", rahoton ya tafi da tsohon wata. Ka riƙa karanta bambancin da take haskawa kafin ka karɓa. Kalmomi kuma irin su "kasafin kuɗi" sa su a glossary, wato jerin kalmomi da fassararsu, don kar gobe ka rubuta "bajet".